Rufe Littafi Ka Tambayi Kanka

Mai karatu, ko ka taɓa karanta darasi har sau biyar, gari ya waye ka neme shi a kanka ka rasa? To, saurari labarin ɗiyar maƙwabciyata.

Uwarta tana saida atamfa a Babbar Kasuwa ta Yamai. Yarinyar kuwa tana shirin jarrabawar Brebe. In an tashi makaranta sai ta zo rumfa ta taya uwar ciniki, da dare ta yi ta maimaita karatu har barci ya kwashe ta bisa littafi.

Ran nan uwar ta ce, "Ke, tun jiya shafin nan kike kallo. Me ke ciki?"

Ta ce, "Ƙasashe 7 masu iyaka da Nijar, Inna. Na iya su sarai."

"To, ba ni littafin, ki faɗa mini."

Yarinya ta ce Najeriya, Mali, Cadi, Benin. Sai ta yi tsit. Aljeriya da Libiya da Burkina Faso sun ɓace. Kuka ya kusa ƙwace mata, ga jarrabawa saura wata biyu.

Uwar ta ce, "A makarantar allo, malam ba ya bari ki wanke allo sai kin kife shi kin ba da hadda."

Ka ga inda matsalar take. Ido ya saba da shafi, sai mutum ya ɗauka ya iya. Amma gane abu in an gan shi dabam, fiddo shi daga kai dabam, kuma na biyun ake nema ran jarrabawa. A 2006 masana biyu a Amirka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Bayan minti 5, ɗaliban da suka sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, waɗanda suka rubuta abin da suka tuna sun riƙe kashi 56 cikin ɗari, masu maimaitawa 42.

Daga ranar yarinya ta sake dabara. Ta karanta darasi sau ɗaya a natse, ta rufe, ta rubuta abin da ta tuna a bayan wani guntun kwali. Sa'an nan ta buɗe ta duba, abin da ya kuɓuce ta ja masa layi da jan biro. Kada ka tsallake dubawar nan, don kuskuren da ba a gyara ba zama yake yi daram. Gobe ta sake tambayar kanta, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Darasin da ba ta gane ba tun farko kuwa, wurin malami take mai da shi.

Da fari ta ce wannan ya fi wuya, kuma gaskiyarta. Amma rabin awa ya ishe ta, tana kwanciya da wuri. Da mako ya kewayo uwar ta tambaye ta tana cikin ninke atamfa, ta jero bakwai ɗin, ta fara da Aljeriya.