Durƙusa Wa Wada Ba Gajiyawa Ba Ne

'Yan uwana mata, sau nawa muke shiga magana da gaskiyarmu a hannu, mu fito an kayar da mu? Ni dai ya same ni, kuma saura kaɗan ɗiyar wana ta rasa karatunta saboda rashin iya bakina. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda aka yi, ko wata ta tsinci abin amfani.

A Gangara aka haife ni, cikin ƙasar Jibiya, aure ne ya kawo ni Katsina. Yayana yana can gida, sana'arsa jigilar kaya a mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, ta Magama da Ɗan Isa. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, motar Yaya ta kwanta. A shekarar ce kuma babbar ɗiyarsa ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare. Sai matarsa ta aiko mini a asirce cewa Yaya ya ce karatu ya isa haka, akwai mai so, aure za a yi.

Na shiga mota raina a ɓace. Ko ruwa ban gama sha ba na fara: ilimin 'ya mace kaza, zamani ya canza, ku maza ba ku son mace ta waye. Yaya ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, “Ke, yaushe na ce miki ban son ta waye? Mi za ta ci? Wa zai tsare min ita a hanya?” Na ce ai wannan duk hujjar banza ce, Allah ke tsarewa. Ya miƙe ya sa takalminsa ya tafi masallaci. Magana ta mutu.

A hanyar komawa na gane kuskurena. Na ƙera wa Yaya wata hujja wadda ba tasa ba, na yi ta dukanta, alhali tasa ta gaskiya tana tsaye ko taɓa ta ban yi ba. Ga alamar da za ki riƙe: duk lokacin da abokin maganarki ya ce “ni ba haka na ce ba,” to da inuwa kike kokawa. Abin kunyar ma, na san wannan a rubutu. A littafina na farko na sa uban yarinya ya zama mugu marar dalili, wata mai karatu ta ce mini, “Anti, babana ba haka yake ba, kuma shi ma ya cire ni.” Uban da ba shi da hujja ba a jin tsoronsa a labari, kayar da shi kuma ba ya koya wa kowa komai.

Wanda ya gyara mini hanya malamin Islamiyyarmu ne, da ya ba mu wani tarihi. Wajen 1786, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da suka a waƙe, cewa yana tara maza da mata a majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma Abdullahi ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Bai ce cakuɗuwar maza da mata ba komai ba ce. Ya yarda abin hani ne, ya ce su ma suna hanawa. Sannan ya nuna cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, shi ne ɓarnar da ta fi girma. Kun ga ya ba mai suka gaskiyarsa, amma bai ba shi hukuncin ba. Nan na ce ashe abin da ban yi ba ke nan.

Na yi wata biyu ina shiri. Cikin Nuwamba aka ƙara hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, rayuwa ta ƙara tsanani a Jibiya, wato hujjar Yaya ta ƙara ƙarfi. Na ɗauki takarda na rubuta duk abin da zai iya cewa, ya kai 6. Na soke 4. Maganar “me mutane za su ce” da “boko na lalata tarbiyya” bai taɓa yin su ba, in na ɗauko su da bakina na ba shi aron makami. Na bar biyun da suka fito daga bakinsa: kuɗi da tsaro.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, na je. Na bari ya ci abinci, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, “Yaya, har yanzu ina kan bakana, ina so yarinyar nan ta gama sakandare. Amma bari in faɗi damuwarka, in na yi kuskure ka gyara mini. Wata uku motarka ba ta fita ba, bakuna 9 kake ciyarwa, ba wanda ya san ranar buɗe boda. Ga hanya ba lafiya, in wani abu ya sami yarinyar nan kai za a tambaya, ba ni ba. Kana ganin ɗakin miji ya fi mata rufin asiri. Haka ne?”

Ya dube ni ya ce, “Haka ne, ƙanwata. Kin faɗa ma fiye da yadda zan faɗa.”

Ku lura da abu biyu a nan. Na fara kafa matsayina kafin in ɗauko hujjarsa, don kada ya zaci na zo miƙa wuya. Kuma ban ci gaba ba sai da ya ce haka ne. Mutumin da ya ji an fahimce shi yakan daina tanadin amsa a zuciyarsa, ya saurara.

Sai na shiga maganar kuɗi. Na ce babu kuɗi, wannan gaskiya ne, ba na musu. Abin da nake musu shi ne cewa aure ne ya fi sauƙi. Na fito da takardata. In ta zauna wurina a Katsina tana jeka-ka-dawo, kuɗin Keke Nafef naira 100 a rana, kwana 60 na zango ya kama 6,000. Kuɗin tara 3,000, littattafai 3,000, zango ɗaya 12,000, shekara 36,000. Da kayan makaranta na 6,000 ya zama 42,000. Shekara uku 126,000, na ƙara 24,000 saboda jarrabawar fita da abin da ba a rasa ba, duka 150,000. Na ce rabi a kaina, daga adashena da cinikin littattafaina. Nasa 75,000 ne cikin shekara uku, bai wuce naira dubu biyu da 'yan kai a wata ba. Sannan na tambaye shi nawa ya ƙiyasta na gado da katifa da jere da gara. Ya yi shiru, ya ce 250,000, kuma sai ya sayar da gonar fadama.

Yaya ba yaro ba ne. Ya ce, “To ai ko ta yi karatun, kayan ɗakin nan sai na yi.” A da, nan zan daburce in fara “ƙila dai, ni ma ban sani ba.” Na ce, “Sai ka yi, Yaya. Amma yau da sayar da gona za ka yi, nan da shekara uku kuwa da guminka za ka yi in Allah Ya buɗe hanya. Lokaci nake nema maka.” Ku duba inda na aje “amma”. In kika ce “karatu yana da kyau, amma babu kuɗi,” kin gama kayar da kanki, don abin da ya biyo bayan “amma” shi ke zama a kunne. Hujjarsa ta zo gaba, taki ta rufe.

Saura tsaro, kuma a nan ba ni da amsar da za ta kashe magana. Da na ce babu abin da zai faru, na yi ƙarya, shi ma ya sani. Na ce, “Wannan tsoro naka ni ma ina da shi, kuma ba zan iya yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Abin da ke hannuna shi ne, ba za ta yi makarantar kwana ba, ba za ta riƙa bin hanyar nan duk mako ba, sai hutu, da rana, tare da ni ko maigidana. In ka ga na saɓa, ka ɗauke ɗiyarka.” Hujjar da ba ki iya rushewa, kada ki ƙaryata ta, kada kuma ki gudu ki bar mata fili. Ki mai da ita sharaɗi a cikin shawararki.

Ya ce zai yi tunani. Na yi shiru, don an sha ɓata miya da ƙarin gishiri bayan ta yi. Cikin Janairun 2020 ya kawo ta da kansa, da akwatinta.

A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta kimiyya da ke Ƙanƙara. Da dare Yaya ya kira ni, gabana na faɗuwa. Ya ce, “Kin ga abin da nake faɗa?” Na ce, “Na gani, Yaya, shi ya sa muka yi sharaɗin kwana a gida. Ga ta nan kusa da ni, ka ji muryarta.” Da a ce ranar nan na ce masa tsoronsa banza ne, da daren nan karatunta ya ƙare, don duk maganata ta zama ta maƙaryaciya. Abin da na amsa masa da gaskiya shi ya riƙe sauran.

Ban ce kullum haka ake cin nasara ba. Akwai wanda ya riga ya yanke hukunci, ko me kika kawo ba zai juya ba. Akwai kuma ranar da za ki faɗi hujjar wani da kyau, ki ji ta fi taki nauyi. Ranar sai ki karɓa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

An buɗe iyakar Jibiya a watan Afrilu na 2022, a shekarar ce kuma ɗiyar tamu ta rubuta jarrabawar fita. Gonar fadama tana nan ba a sayar ba. Ran da ta zo yi mini sallama ta ce, “Gwaggo, wai mi kika ce wa Baba ya yarda?” Na ce mata maganarsa na fara faɗa masa, sannan na faɗi tawa.

Allah Ya ba mu iya magana da iya saurare, amin.