Albashi Ya Makale, Haya Ta Kawo Jiki: Yadda Na Roƙi Lamuni Ban Zubar Da Mutunci Ba

Abin da ya fi ɓata wa mai gida rai ba jinkirin kuɗin haya ba ne, rashin sanin ranar da kuɗin zai zo ne. Mutum yana iya haƙuri da wata biyu idan ya san ƙarshensu, amma mako biyu na "gobe in sha Allah" da wayar da ba a ɗagawa sun isa su rusa zaman shekara biyar. Shi ya sa nake ganin roƙon lamuni yana da ƙa'ida: a je da wuri, a je da wani abu a hannu, a kuma faɗi ranar da za a iya cikawa ko da albashin bai dawo ba. Ga yadda abin ya kasance a gidanmu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana malamin makaranta. Muna haya a gida mai ɗaki biyu da falo, naira 480,000 a shekara, kuma shekarar hayarmu tana ƙarewa ne a ƙarshen watan Agusta. Tsarinmu shi ne albashinsa ya ɗauki cefane da wuta da ruwa, ni kuma ina ware naira 40,000 duk wata don haya. Daga Satumba zuwa Yuni na tara 400,000. Sai aka yi tantance ma'aikata, aka ga rubutun sunana a banki ya bambanta da na takardar albashi da harafi ɗaya, aka dakatar da biyana. Yuli ya wuce shiru, Agusta ya kama shiru. Aiki bai tsaya ba, kuɗin motar zuwa asibiti bai tsaya ba, yara ba su daina ciwo ba. Kafin tsakiyar Agusta abin da ya rage a asusun haya 250,000 ne. Giɓin 230,000 ke nan.

Abu na farko da na yi shi ne neman sanin irin jinkirin da nake ciki, domin jinkirin albashi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya shafi kowa, inda ake jiran kason wata-wata daga asusun tarayya ko sa hannun wani babba. Wannan yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni, kuma mai gida ma yana jin labarinsa a rediyo. Akwai kuma wanda ya shafe ki ke kaɗai: suna bai dace da na BVN ba, ko an sauya miki wurin aiki, ko ke sabuwar ɗauka ce ba a shigar da ke tsarin biya ba. Alamarsa ita ce abokan aikinki sun ga saƙon banki, ke ba ki gani ba. Irin wannan ba ya warwarewa sai an bi takardu daga ofis zuwa ofis, kuma ko an gyara, sau da yawa albashin sabon wata ne yake fara zuwa, bashin watannin baya ya biyo daga baya. Nawa na biyun ne. Don haka na san cewa in na ce wa mai gida "ƙarshen wata", na ɗora alƙawarina a kan abin da ba ya hannuna.

Mai gidanmu dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata gidan, Hajiya muke ce mata. Muka yi shawara da maigidana cewa ni zan fara zuwa, tunda mace ce kuma mun saba, shi kuma ya zo ranar da za a rubuta magana. Na je saura mako biyu haya ta ƙare. Wannan tazarar ita ce rabin nasarar, domin wanda ya zo kafin rana shawara ya kawo, wanda ya zo bayan rana kuwa uzuri ya kawo, kuma kunnen da ake sauraron su biyun ba ɗaya ba ne.

Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, na zo ne tun kafin lokaci don kada ki ji a bakin wani. An riƙe albashina wata biyu saboda tantancewa, ga takardar da na shigar ta gyara. Ina da 250,000 a hannu, zan ba ki yau in kin amince. Sauran 230,000 nake roƙon ki ba ni dama in biya kashi-kashi." Sannan na yi mata tambayar da nake ganin ta fi komai amfani: "Akwai wata hidima da kika sa ran yi da kuɗin nan a wata rana takamaimai?"

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "'Yar nan, jikokina uku marayu ne, da kuɗin nan nake biya musu makaranta. Ana komawa tsakiyar Satumba, kuma 300,000 nake bukata kafin nan."

Kin ga yadda maganar ta sauya. Mukan ɗauka duk mai gidan haya attajiri ne, alhali da yawansu 'yan fansho ne, ko zawarawa, ko magada da ke jiran a raba musu kuɗin. Da ban tambaya ba, da na tafi ina murna an karɓi 250,000, ita kuma ta kwana da damuwar 50,000 da za ta hana yaro shiga aji, ranta kuma yana sosuwa duk lokacin da ta gan ni. Sai muka karɓi rancen 50,000 marar ruwa daga ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikin maigidana, muka cika mata 300,000 kafin a koma makaranta. Saura 180,000.

A nan ne lissafi ya fi bukatar sanyin kai. Zuciya takan so ta burge, ta ce "wata mai zuwa zan biya duka". Mu kuwa sai muka tambayi kanmu: idan albashina bai dawo ba har ƙarshen shekara, nawa za mu iya fitarwa duk wata ba tare da tukunya ta mutu ba? Muka haɗa abin da za a matse daga albashinsa da ɗan abin da nake samu daga aikin dare a wani asibiti mai zaman kansa, muka ga 60,000 ne. Saboda haka muka ce 60,000 sau uku, a ranar 5 ga Nuwamba, 5 ga Disamba da 5 ga Janairu. Mun bar Oktoba don biyan rancen ƙungiya. Mun kuma zaɓi 5 ga wata maimakon 30, domin ko albashin da ba shi da matsala yakan tsallaka zuwa farkon sabon wata. Muka ƙara sharaɗi ɗaya da ya kwantar mata da hankali: duk ranar da aka biya ni bashin watannin baya, cikin mako guda zan cika abin da ya rage, ba sai ranar ta zo ba.

Muka rubuta komai a takarda ɗaya, kwafi biyu. Wasu suna jin nauyin rubutu, kamar alamar rashin yarda ce. Ni kuwa nakan tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Abin da muka sa a ciki kaɗan ne: jimillar hayar shekara, abin da aka biya da ranarsa, abin da ya rage da ranakun biyansa, da cewa shekarar haya tana nan daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta a kan kuɗin da aka saba. Wannan layin na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan ba a faɗe shi ba, biyan kashi-kashi yana iya jawo gardama daga baya a kan ko ke mai hayar shekara ce ko ta wata, ko kuma a ce an yi ƙari a tsakiya. Ɗan Hajiya ya sa hannu a matsayin shaida, maƙwabcinmu ma haka. Kowane biya ta banki muka yi shi zuwa asusunta kai tsaye, muka rubuta a wurin bayani cewa kashi na kaza ne na hayar shekara, muka kuma karɓi rasit. Idan dillali ko mai kula da gida ne a tsakaninku, ki tabbata mai gidan da kansa ya san da yarjejeniyar, domin "na gaya wa Alhaji" ba hujja ba ce ranar da magana ta tashi.

Kada kuma a manta, lamuni alfarma ce, ba haƙƙi ba. Jinkirin albashi bai ɗauke miki nauyin haya ba, kuma mai gida yana da damar cewa a'a. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya fitar da ke da hannunsa, ya cire ƙofa ko rufin kwano, ko ya watsa kaya waje. A Najeriya sai an ba da sanarwa a rubuce, sannan kotu ta yi hukunci. A dokokin wurare irin su Abuja da Legas, mai hayar shekara yana da sanarwar wata shida, mai hayar wata kuma wata ɗaya, sai dai idan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta faɗi wani wa'adi daban, kuma tarin bashin haya yana iya raunana wannan kariya. Ki karanta takardar hayarki kafin ki je. Amma ki riƙe wannan sanin a zuciya, kada ki buɗe roƙo da shi. Wadda ta shiga da maganar kotu ta rufe ƙofar alfarma da kanta.

Akwai hanyar da na ƙi bi, ita ce manhajojin ba da rance na waya. Wa'adinsu gajere ne, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, ruwansu mai nauyi, wasunsu kuma sukan aika wa mutanen da ke cikin wayarki saƙon tozarci idan kin makara. Wadda ba ta san ranar albashinta ba, bai kamata ta ɗauki bashin da ke ƙirga kwanaki ba. Gara kunyar zama gaban Hajiya na rabin awa.

Albashina ya dawo a ƙarshen Oktoba, na wata ɗaya tak. Bashin baya bai fito ba sai tsakiyar Disamba, lokacin mun riga mun biya kashi biyu a kan rana, sai na kai mata 60,000 na ƙarshe kafin mako ya zagayo. Wani abu da ya kamata a sa a lissafi tun farko shi ne, watannin da kike biyan bashin haya su ne kuma watannin tara ta baɗi. Daga Satumba zuwa Disamba ban ajiye ko sisi ba, wato an rasa 160,000 daga asusun shekara mai zuwa. Saboda haka abin da ya rage daga kuɗin bayan, ban taɓa shi ba, asusun haya na mayar da shi, na kuma ɗaga ajiyar wata zuwa 50,000 har giɓin ya rufe.

Da Agusta ta sake zagayowa, saura kwana goma na kai wa Hajiya kuɗinta cif. Ta ƙirga, ta rubuta rasit, ta tambaye ni ko an gyara harafin nan na banki. Na ce an gyara. Ta ce to in duba na maigidana ma tun yanzu, kafin wata tantancewar ta zo.