Amsar da ba daidai ba ita ce ta fi ba mu wuya

Iyaye da dama sun tambaye mu dalilin da ya sa makin yaran darasin Asabar ya faɗi a wannan zangon, har wani dattijo ya tare mu bayan sallar Magariba ya ce: “Malam Sakatare, ko dai yaran nan baya suke ci?” Ba baya suke ci ba. Tambayoyin ne muka sake wa fasali, kuma ga yadda abin ya faru.

Yaranmu na aji uku na ƙaramar sakandare a nan Sabo, Ibadan, suna shirin jarrabawar fita, wadda wani ɓangarenta na zaɓi ne, wato a ba yaro tambaya da amsoshi ya ɗauki ɗaya. Sai mu 'yan kwamitin ilimi muka ce bari mu riƙa ɗaukar babi guda daga littafin lissafinsu muna fitar da tambayoyin gwaji. Mun fara da babin riba da asara, don a ganinmu ɗan da ya tashi a gidan 'yan kasuwa ba zai sha wuya a nan ba. A dare ɗaya muka rubuta tambaya ashirin, kowace da amsa huɗu. Yara suka cinye kusan duka, muka yi ta murna, iyaye suka sa albarka. Bayan mako uku aka yi musu gwaji a makaranta a kan wannan babin dai, yawancinsu suka faɗi.

Da muka koma kan takardarmu sai kunya ta kama mu. Ga irin abin da muka rubuta: an sayi buhun albasa naira 40,000, an sayar 50,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Amsar gaskiya kashi 25 ce. To amma sauran ukun da muka jera su ne 2 da 99 da 300. Yaron da bai taɓa buɗe littafin ba ma ya san ba a cin ribar kashi 300 a wannan ciniki. Ashe ba lissafi muka gwada ba, wayo muka gwada, kuma yaranmu ba su rasa shi ba.

Abin da muka gane shi ne, amsar ƙarya ba ƙirƙiro ta ake yi da ka ba. Kowace ɗaya dole ta zama inda yaro zai sauka idan ya bi wata karkatacciyar hanya da yara suka saba bi. Don haka muka karɓi littattafan aikinsu, muka zauna muna duba inda malamai suka ja jan biro, muka rubuta kurakuran da ke ta maimaituwa.

Sai muka sake gina tambayar albasar. Ribar naira 10,000 ce, a raba ta da kuɗin saye, 40,000, a ninka da ɗari, a sami 25. Kuskuren da ya fi yawa a littattafan shi ne raba ribar da kuɗin sayarwa, wato 10,000 bisa 50,000, wanda ke ba da 20. Wannan ta zama amsar ƙarya ta farko, kuma ita ce mafi haɗari, don yaron ya yi aiki sosai, ya ga sakamakonsa a cikin jerin, hankalinsa ya kwanta. Wani yaron kuma da ya ga 10,000 sai ya zubar da sifirin ya ce kashi 10. Wani ya manta da cire kuɗin saye, ya raba 50,000 da 40,000 kai tsaye, ya sami 125. Jerin ya koma 10, 20, 25, 125. Yanzu duk wadda yaro ya zaɓa, ta gaya mana abin da ke kansa. Wanda ya ɗauki 20 ya san riba, bai san da me ake auna ta ba, kuma gyaransa na minti biyar ne. Wanda ya ɗauki 10 kuwa bai fahimci ma'anar kashi cikin ɗari ba tukuna, sai an koma da shi baya.

Tambayar da ta fi kama manya ma ita ce ta juyi. An sayar da rago naira 60,000, aka ci ribar kashi 20, nawa aka saye shi? Mu huɗu ne a zaune, biyu suka ce 48,000, cikinsu har da wanda ya shekara ashirin yana fataucin dabbobi. Sun cire kashi 20 na kuɗin sayarwa ne. Alhali ribar a kan kuɗin saye take hawa: 60,000 ita ce kashi 120, don haka kashi ɗari 50,000 ne. Muka sa 48,000 a jerin, da 72,000 ta wanda ya ƙara maimakon ragewa, da 40,000 ta wanda ya cire dubu ashirin kawai. In amsar ƙarya ta iya ruɗar babba na ɗan lokaci, amma aka iya nuna masa kuskurensa a takarda ba gardama, to ta yi.

Akwai kuma tarkon da mu da kanmu muka faɗa. Don sauƙi mun so amfani da naira 100 a matsayin kuɗin saye: an saya 100, an sayar 120. Ribar naira 20 ce, kuma kashi 20 ce. Ke nan yaron da ya yi ragi kawai ya tsaya zai ci, ba tare da ya san komai game da kashi ba. Tun daga nan muka daina taɓa 100 a wannan gurbin. Kafin mu amince da tambaya, sai mun bi kowace karkatacciyar hanya har ƙarshe, mun tabbatar ba ta kai ga amsar gaskiya ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. A takardar farko yawancin amsoshin gaskiya a C suka faɗo, kuma yara sun lura kafin mu. Yanzu muna jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, gaskiya ta faɗa inda ta faɗa. Idan tambayar ta kalmomi ce, ba ma barin amsar gaskiya ta fi sauran tsawo. Kuma babin gaba ɗaya muke rabawa tun farko, riba, asara, kashi, rangwame, kowanne da rabonsa, don a karon farko rangwame ko tambaya ɗaya bai samu ba. Da Turanci muke rubuta takardar kamar yadda jarrabawa ke zuwa, a nan ne kawai muka mayar da Hausa.

Bayan kowane gwaji ba maki kaɗai muke dubawa ba. Muna ƙirga yara nawa suka ɗauki kowace amsa. Wadda ba wanda ya taɓa, matacciya ce, ta mayar da zaɓi huɗu uku, mai canke ya tashi daga damar ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, sai mu canza ta. In kuma muka ga yaran da suka fi ƙoƙari sun taru a kan amsar ƙarya guda, ba ma saurin ɗora musu laifi. Sau ɗaya mun tarar mu ne muka rubuta tambayar a dunƙule, ba mu fayyace ko kuɗin mota yana cikin kuɗin saye ba.

Yanzu tambaya goma na cin mu dare biyu. Asabar mai zuwa babin ma'auni da rabo za mu shiga, don haka muna roƙon iyaye su turo yara da tsofaffin littattafan aikinsu, musamman waɗanda jan biro ya yi wa yawa. Kada a yage shafin, shi muke nema.