Abin da katangar Mabera ta nuna mini

A 2023, bayan an cire tallafin man fetur, kuɗin kabu-kabu ya tilasta mini neman gida kusa da wurin aikina a Gawon Nama. Dillalai sun yi ta yawo da ni a Sakkwato, kuma gida iri ɗaya, ɗaki biyu da falo, kowace unguwa da kuɗinsa. A cikin gari, wajen Kanwuri da Ƙofar Rini, haya na da sauƙi, domin gidajen gado ne masu zaure, sau da yawa banɗaki ɗaya ake haɗawa, mota kuma ba ta shiga lungu. A titin Sama da Gwiwa kuwa, inda manyan ma'aikata ke zama, ko tambaya ban tsaya yi ba. Ga shi mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da 'yan bindiga suka koro sun cika gari, ɗakin da a da ake roƙon mai shiga yanzu rububinsa ake yi.

Gida biyu suka rage mini. Na Mabera naira 250,000 a shekara, sabon fenti, ga fili a tsakar gida. Na Arkilla naira 400,000, silin falonsa ya ɗan rufto. Da ido kaɗai za a bi, Mabera zan zauna. Amma da na zagaya bayan gidan, inda mai fenti bai kai ba, sai na ga wani layi mai duhu a jikin katanga, ya kai gwiwa, siminti na ƙasa da shi duk ya yi gishiri-gishiri yana zuba. Duk ɗan Sakkwato ya san yadda wasu sassan Mabera ke kwana cikin ruwa da damina. Na kunna famfo, ko ɗigo babu. Mai shagon da ke kallon gidan ya ce, "Malam, nan sai 'yan garuwa."

A nan na zauna na yi lissafi. Iyalina na shan kura guda ta jarkoki duk kwana biyu, a lokacin kusan naira 1,000, wato wajen 180,000 a shekara, ban ma sa tsadar watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa na neman ruwa. Gidan 250,000 ya koma 430,000 ke nan, kafin kuɗin abin hawa. Na Arkilla yana da rijiyar burtsatse, 'yan haya na haɗa 2,000 kowane wata, 24,000 a shekara. Ashe mai tsadar shi ne mai arha. Tazarar da ke tsakanin unguwanni, yawancinta kuɗin ruwa ne da tudu da kusanci. Ko dai ka biya mai gida, ko ka biya ɗan garuwa da ɗan kabu-kabu.

Ciniki kuwa ban yi shi da dillali ba. La'adarsa kashi goma ce cikin ɗari, saboda haka ragi ba ya cikin abin da yake so, kuma ban ga laifinsa ba. Na roƙe shi ya kai ni wurin mai gidan Arkilla, wani dattijo ɗan fansho. Ban kushe gidan ba, domin wanda ka kushe wa dukiya ba ya yi maka ragi da zuciya ɗaya. Na je da kafinta ya duba silin, ya ce gyara zai ci 45,000.

Na ce, "Baba Alhaji, gida ya yi mini. Ni zan yi gyaran, a cire daga kuɗin haya."

Ya ce, "Ɗana, ka san kuɗin buhun siminti yanzu? Gidan ga shi ne abincina."

Gaskiya ya faɗa, don haka ban ja da nisa ba. Muka tsaya a 380,000, a cire 45,000 na gyara a shekarar farko kawai, in biya 200,000 nan take, ragowar 135,000 bayan wata huɗu. Shi ya samu gyararren gida, ni na samu numfashi.

Sai maganar da ta fi ɗaukar lokaci: tsohon bashin wuta da ke kan mitar gidan. Muka rubuta adadinsa a ranar, ya ɗauki nauyin biya. Muka kuma rubuta cewa kwashe masai da gyaran rufi nasa ne, ƙwan fitila da kan famfo nawa, kuma in zai yi ƙari ko yana son gidansa, zai sanar da ni wata shida kafin shekara ta cika. Limamin unguwa da yayana suka sa hannu a matsayin shaidu.

Da shekara ta zagayo ya yi ƙari, kamar yadda kowa ya yi. Amma tun wata shida kafin nan ya aiko ɗansa da takarda, muka zauna a zaurensa muka raba ƙarin biyu, rabi a wannan shekarar, rabi a mai zuwa.