Turjiyar da ke cikin batir

A Garwa, watan Afrilu ne ke tona asirin batir. Zafi kan haura digiri 40, ruwan Binuwai da ke tare a madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta riƙa zuwa tana komawa. A irin wannan lokaci na sayi batirin litiyam mai ɗauke da rubutun 12.8V 100Ah, na haɗa shi da inbata. Fanka biyu da fitilu suka kwana suna aiki lafiya. Washegari na kunna injin jawo ruwa daga rijiya, sai inbata ta yi ƙara ta mutu, alhali allonta na nuna caji ya kusa cika. Na rantse an cuce ni.

Mai gyaran da na kira bai yi gardama da ni ba. Ya ce, “Malam, tulunka cike yake, bakinsa ne ƙarami.”

Rubutun 100Ah yana nufin batirin zai iya ba da amfiya 100 na tsawon awa guda, ko amfiya 10 na awa goma. Ma'aunin da ake rubutawa da harafin C kuwa saurin zuƙa yake nunawa, wato a raba amfiyar da ake ja da girman batirin. Ga nawa, 1C amfiya 100 ke nan, kuma nan ne iyakar da takardarsa ta yarda a ɗore a kai. Fankokina da fitilu suna jan kamar amfiya 10, wato 0.1C. Injin ruwa idan ya daidaita yana jan amfiya 90, wato 0.9C, dab da iyaka. Amma irin wannan injin, a daƙiƙar da yake tashi, yakan ja ninki uku ko fiye. A ce amfiya 300, wato 3C.

To, me ya kashe inbatar? A nan na daɗe ina neman kalma, har na tsaya a kan “turjiya”, wadda muke faɗa wa jakin da ya kafe ƙafafu ana jansa. Ta dace, domin ba a ganinta sai an ja. A cikin batir, ƙwayoyin litiyam sai sun ratsa ruwan sinadari da siririn shamaki kafin su isa ɗaya ɓangaren, kuma kowane mataki yana cin wani abu daga ƙarfin turawar. Abin da ake asara shi ne V = I × R, wato amfiya sau turjiya.

Mun auna ta da mita, a bakin inbata. Batir na hutawa, bolt 13.2. Muka bar wutar gari ta tayar da injin, muka kunna dutsen guga mai cin wuta daidai da shi a kan inbata, sai mita ta sauka zuwa 12.3. An rasa bolt 0.9 a kan amfiya 90, turjiya ta kama om 0.01 ke nan, har da ta wayoyi da mahaɗansu. Adadi ne da ido zai raina. A amfiya 10 bolt 0.1 kawai yake ci, shi ya sa fanka ba ta taɓa kuka ba. A amfiya 300 kuwa bolt 3 yake ci, 13.2 ta koma 10.2, inbata kuma an saita ta ta yanke a 10.5. Tana yankewa, jan ya tsaya, mita ta koma sama kamar ba a yi komai ba. Wannan dawowar ita ce shaidar cewa batirin bai ƙare ba. Da kuwa allon tsaron da ke cikinsa ne ya yanke saboda yawan amfiya, da allon inbatar ma ya ɗauke baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, wanda lissafinsa P = I² × R. Amfiyar ana ninka ta da kanta, don haka 10 tana haifar da wat 1, 90 kuma wat 81. Ja ya ƙaru sau tara, zafi ya ƙaru sau tamanin da ɗaya, a ɗakin da rufin kwano ya riga ya gasa. Ɗumi yana rage turjiya a lokacin, har mutum ya ɗauka alheri ne, amma yana gaggauta tsufan batir, tsohon batir kuwa turjiyarsa ƙaruwa take yi.

Mai gyaran ya ɗaure wata mahaɗa da ta yi sako-sako, ya sa wayoyi masu kauri. Daga baya na ƙaro batir irin na farko, aka jera su gefe da gefe, kowane ya ɗauki rabin jan: 1.5C a lokacin tashi maimakon 3C. Injin yana tashi yanzu. Duk da haka sai da asuba nake kunna shi, kuma duk bayan wata uku nakan sake awon da dutsen guga, in rubuta adadin a bangon ɗakin.