Kilo 50 na ɗanye ko na kauɗa?

Saura kwana uku mu tsaya gaban malamai aka miƙo mini filash ɗauke da fayil biyu na PowerPoint, aka ce in mayar da su ɗaya. Mu 'yan sashen injiniyancin noma mun ƙera akwatin busar da tumatir da zafin rana, 'yan sashen kasuwanci kuma sun yi masa lissafin jari da riba. Namu silaid 18 ne, nasu 16, alhali minti goma kacal aka ba mu gaba ɗaya. Ni aka ɗora wa aikin don kawai laftof ɗina ne mai riƙe caji.

Na zaci aikin rabin awa ne. Na buɗe namu, na shiga `Reuse Slides` da ke ƙarƙashin `New Slide`, na jawo nasu ba tare da na zaɓi `Keep source formatting` ba, sai launi da salon rubutun suka zama iri ɗaya. A ido dai shi ke nan, an gama. Sai da na koma `Slide Sorter`, inda ake ganin duka 34 ɗin a jere kamar an baza kati, na ga gabatarwa biyu, hoton akwatin sau uku, da bayanin yadda tumatir ke ruɓewa a lokacin kakarsa sau biyu. Waɗannan ba su ba ni wahala ba. Na bar wanda ya fi fitowa fili, na goge sauran.

Akwai kuma wasu silaid biyu da suka yi kama da maimaici, har na ɗora hannu zan goge ɗaya. Dukansu sun rubuta `Capacity: 50 kg`. Allah Ya sa na tsaya na karanta abin da ke ƙasan kowanne. A wajenmu, kilo 50 na ɗanyen tumatir ne ake yankawa a shanya a cikin akwatin. Su kuwa sun ɗauki kilo 50 ɗin sun ninka da farashin kauɗa, suka fitar da cinikin kowane zubi. Ga matsalar: ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari ruwa ne, wato a kilo 50, kilo 3 ne kawai tsokar. Idan an busar har danshin ya koma kashi 10, abin da za a kwasa bai wuce kilo 3.3 ba. Cinikin da suka rubuta ya ninka na gaskiya kusan sau 15. Da na goge namu na bar nasu, wallahi da mun tsaya muna tallan ribar da babu ita, kuma malaminmu ba ya barin irin wannan ta wuce.

Cikin daren na kira shugabar rukuninsu.

"Hajiya, kilo 50 ɗinku na ɗanye ne ko na kauɗa?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai ku kuka ba mu lambar, ba ku ce komai a kanta ba."

Gaskiyarta. Mun turo musu lamba tsirara.

Washegari muka zauna mu huɗu da takarda ɗaya, muka jera duk kalmar da ta fito a fayilolin biyu, muna tambayar juna me kowa ke nufi da ita. Muka kori `capacity` baki ɗaya, muka sa `fresh load` ga abin da ke shiga da `dried output` ga abin da ke fita. Mun kuma tarar da akasin wannan: zubi ɗaya, mu muna kiransa `run`, su suna cewa `batch`, wani wuri `cycle`. Mai sauraro zai ɗauka abu uku ne. Muka tsaya a kan `batch`, don shi ne malaman sassan biyu za su gane ba sai an yi bayani ba.

A nan na yi tawa kwaɓar. Na buɗe `Replace`, na ce a mayar da `run` ya koma `batch`, na danna `Replace All` ban zaɓi `Find whole words only` ba. Sai ga `running cost` ɗinsu ya zama `batchning cost` a wuri huɗu. Ga shi kuma `Replace` ba ya ganin rubutun da ke cikin hoto, teburin ribarsu kuwa hotonsa suka ɗauko daga Excel suka manna, sai da muka sake buga shi da hannu.

Muka ƙare da silaid 14, ba a jere namu sannan nasu ba: matsalar, akwatin, abin da yake fitarwa, kuɗinsa, ribarsa. Ribar ta ragu ƙwarai, har wani daga cikinsu ya so a bar tsohuwar lambar don ta fi burgewa. Ba mu yarda ba.

Ranar gabatarwa, tambayar farko da malamin ya jefo ita ce kauɗa nawa ake samu daga kilo 50. Shugabar tasu ce ta amsa, ko allon ba ta kalla ba.