Labari ɗaya, amsoshi uku

Akwai wata malama da ke koyar da ɗaliban likitanci cututtukan ƙwaƙwalwa, wadda ba ta rubuta tambayar jarrabawa sai ta fara tantance cututtuka biyu ko uku da ɗalibi zai iya rikitawa. Ga ra'ayinta, tambayar da ke cewa a lissafa alamomin sikizofireniya hadda kawai take aunawa. Abin da take son sani shi ne yadda ɗalibi zai yi idan aka kawo masa matashin da hankalinsa ya taɓu a karon farko, ba shi da tarihin asibiti, danginsa kuma kowa da abin da yake faɗa.

Don haka take gina tambaya a kan taƙaitaccen labarin majiyyaci. Saurayi ne mai shekara 22, yana jin muryoyi suna zaginsa, ya ƙi cin abincin gida domin ya haƙiƙance an sa masa guba. Waɗannan alamomi ba su raba komai ba, tun da cututtuka da dama na iya kawo su. Sai ta ƙara jimla biyu ko uku, kuma a cikinsu amsar take.

A siga ta farko, abin ya fara kwana huɗu da suka wuce. Zafin jikinsa ya kai 39.5, bai san ranar da ake ciki ba, ya kasa jera ranakun mako daga ƙarshe zuwa farko, da safe ya ɗan natsu, da dare ya birkice. Wannan ruɗewar hankali ce da ciwon jiki ke haddasawa, irin su sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Malamar ta fi dagewa a kan wannan siga, kuma tana da hujja: likitan da ya ba irin wannan majiyyaci allurar kwantar da hankali ya sallame shi, bai binciki jininsa ba, yana iya rasa shi cikin ƴan kwanaki. Jin muryoyi bai kamata ya ɗauke hankalin ɗalibi ba. Zazzaɓin da hawa da saukar natsuwar su ne abin lura.

A siga ta biyu babu zazzaɓi, kuma ya san wuri da lokaci. Amma alamomin sun ɓullo bayan ya tsananta shan tabar wiwi, suka kuma gushe cikin mako biyu da dainawa. A ta uku ba ya shan komai, gwaje-gwaje lafiya lau, sai dai wata takwas ke nan yana janye jiki daga mutane, karatunsa ya lalace, muryoyin kuma sun kai wata biyu. Nan ne kawai sikizofireniya ta zama amsa.

Lokaci ne ya fi ba mai rubuta tambaya wahala. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar na 2013, yana bukatar wata shida kafin a ce sikizofireniya, kuma yana da suna dabam ga abin da ya tsaya tsakanin wata ɗaya da shida. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wata ɗaya ya wadatar da shi. Ke nan idan labari ya ce wata uku, ɗalibai biyu za su iya ba da amsa mabambanta, kowa kuma yana da gaskiya. Ko dai tambayar ta faɗi ma'aunin da za a bi, ko kuwa a kauce wa wannan tsakani baki ɗaya. Haka batun wiwi: matasa da yawa masu sikizofireniya ma suna sha, saboda haka ambaton shan kaɗai bai yanke hukunci ba. Dole labarin ya nuna wanne ya riga wani, da abin da ya faru bayan dainawa.

Tana kuma taka-tsantsan da zancen sammu. Idan majiyyaci ya ce an yi masa asiri, iyayensa ma haka suka yi imani, wannan kaɗai ba alamar cuta ba ce. Shi ya sa takan rubuta cewa danginsa sun yi ta nuna masa suna ci daga kwano ɗaya, amma bai sauya ba.

Kafin tambaya ta shiga takarda, takan rufe zaɓuɓɓukan amsa ta miƙa wa abokin aikinta labarin. In ya faɗi amsar ba tare da ya gan su ba, labarin ya tsayu. Bayan jarrabawa kuma takan duba zaɓin kowane ɗalibi. Zaɓin da ƙasa da kashi 5 cikin 100 suka ɗauka bai ruɗi kowa ba, sai ta musanya shi da cutar da ta fi kusa da amsar. Idan kuwa ɗaliban da suka fi maki a sauran takardar su ne suka fi faɗuwa a wata tambaya, takan koma kan labarin ta nemi jimlar da ke ɗaukar ma'ana biyu.